Ɓeraye 5,000 a allo ɗaya: littafin aikin gasa motsi cikin tekisca

4 ga Maris

Matakin ƙarƙashin ƙasa na wasan da muke haɗawa yana buƙatar ɓeraye su malalo kamar ambaliya, kusan 5,000 a lokaci guda. Yau na gwada hanyar da aka saba a Unity: kowane ɓera da nasa `Animator` da nasa `SkinnedMeshRenderer`. Ina kaiwa ɗari uku wasan ya fara jan ƙafa. Idan ana son firem 60 a sakan, kowane firem yana da milisakan 16.7 ne kawai, ɓerayen nan kuwa sun cinye kason tun kafin a zana bango ɗaya.

Da na buɗe `Profiler` sai na ga GPU tana zaune tana jira, CPU ce ke gumi. Ɓeranmu yana da ƙashi 28. A kowane firem sai an lissafa inda kowane ƙashi ya juya, ga kowane ɓera daban, sannan a aika shi zane shi kaɗai. Abin takaicin shi ne duk gudu iri ɗaya suke yi. Ana maimaita lissafin da amsarsa ba ta canzawa.

Don haka zan gasa motsin. A yi lissafin sau ɗaya tun kafin wasa, a rubuta inda kowane ɗigo na jikin ɓera yake a kowane firem, a ajiye lambobin a cikin tekisca, wato irin hoton da ake shimfiɗa wa jiki a wasa. Ɗigo a nan shi ne kusurwar da alwatikan jiki ke haɗuwa. Kowane fiksel yana da gurbin ja da kore da shuɗi, sai mu zuba x da y da z a cikinsu. Daga hagu zuwa dama lambar ɗigo ce, daga layi zuwa layi kuma lokaci ne. Sheda, ba ta kotu ba, wato ƙaramin shirin da GPU ke gudanarwa a kan kowane ɗigo, ita za ta duba teburin ta aje ɗigon inda aka rubuta. Babu kwarangwal kuma.

6 ga Maris

Lissafin wuri kafin in rubuta komai.

Blender ta nuna min ɗigo 1,500 a jikin ɓeran, amma da ragar, wato tsarin ɗigogi da alwatikan jikinsa, ta shigo Unity sai `vertexCount` ya ce 1,860. Ba kuskure ba ne. Duk inda aka tsaga fata don a shimfiɗa ta a kan hoto, da duk gefen da aka sa ya yi kaifi, ɗigo ɗaya yana rabuwa gida biyu ko uku, domin kowanne na ɗauke da bayani daban. Wannan ne ya sa na yanke shawarar yin gashin a cikin Unity, a kan ragar da za a zana ɗin, ba a Blender ba. In na gasa can, jerin lambobin ɗigo ba zai zo daidai da na nan ba, sai ɗigon kunne ya ɗauki motsin ƙafa.

Motsi huɗu gare mu, duka a kan firem 30 a sakan: gudu firem 20, tafiya 32, tsayuwa ana sansane 60, mutuwa 40. Jimla 152. Faɗin tekisca 2048, domin 1,860 su shiga layi ɗaya. Da `RGBAHalf` kowane fiksel bayit 8 ne, saboda haka 2048 sau 152 sau 8 ya ba ni kusan megabayit 2.4. Ko ɓera ɗaya ne ko dubu goma, kuɗin ke nan, domin duk tebur ɗaya suke karantawa.

Zuciyar mai gashin ba ta da tsawo:

```csharp
for (int f = 0; f < n; f++) {
    clip.SampleAnimation(go, clip.length * f / (n - 1));
    smr.BakeMesh(tmp);
    tmp.GetVertices(vs);
    for (int v = 0; v < vs.Count; v++)
        px[(row + f) * W + v] = new Color(vs[v].x, vs[v].y, vs[v].z, 1);
}
```

Na buɗe hoton da ya fito don in gani da ido. Ratsi-ratsi ne na launi marasa fasali. Wurin da ratsin ya miƙe sambal ɗigon ba ya motsi sosai, wurin da ya yi lanƙwasa-lanƙwasa ƙafafu ne.

7 ga Maris

Ɓera na farko ya yi gudu ba tare da ƙashi ko ɗaya ba. Lambar kowane ɗigo na sa ta a tashar UV ta uku, a matsayin `(v + 0.5) / 2048`. Rabin nan da aka ƙara shi ke kai mutum tsakiyar fiksel maimakon bakin iyakarsa da maƙwabci. A shedar ɗigo dole a yi amfani da `tex2Dlod`, domin `tex2D` na yau da kullum yana dogara da kwatanta fiksel da na kusa da shi a allo, abin da babu shi a wannan matakin.

Amma yana ɗingishi. Duk zagaye ɗaya sai ya ɗan tsaya, kamar wanda ya taka ƙaya. Na ɗauka mai zanen motsi ne ya bar gyara, har na tura masa saƙo. Ya amsa da cewa, "Malam, duba naka dai, a wurina lafiya lau yake gudu." Gaskiyarsa. Motsin da ke zagayawa firem ɗinsa na ƙarshe daidai yake da na farko. Ni kuma na raba da `n - 1`, wato na gasa duka biyun, sai ɓeran ya nuna tsayuwa ɗaya sau biyu a jere. Gyaran shi ne a raba da `n` ga duk motsi mai zagayawa. Mutuwa kuwa ba ta komawa farko, ita tana buƙatar `n - 1` ɗin don a kama kwanciyar ƙarshe, kuma sheda ta tsaya a layin ƙarshe maimakon ta juyo.

11 ga Maris

Yinin yau ya tafi a kan rowa. Na ce bari in ga ko zan rage nauyi rabi ta hanyar amfani da bit 8 a kowane gurbi. Hakan yana nufin a auna iyakar inda jiki ke kaiwa, a matse duk lambobi tsakanin 0 da 1, sheda ta buɗe su daga baya.

Daga hanci zuwa ƙarshen jela, har da miƙewar gudu, ɓeran yana cin kusan santimita 60. Bit 8 mataki 256 ne. In ka raba santimita 60 da 255, kowane mataki ya kusa milimita biyu da rabi. A gudu ba a ganin komai, domin ƙafa na yin santimita da yawa tsakanin firem da firem. A tsayuwa ne asiri ya tonu. Hancin ɓera mai sansane 'yan milimita kaɗan yake motsawa, sai ya zama ɗigo yana maƙale a mataki ɗaya na firem biyar, sannan ya yi tsalle zuwa na gaba, maƙwabcinsa kuma ya yi nasa tsallen a wani lokaci daban. Fuskar tana kyarma kamar mai zazzaɓi.

Ga alamar da zan riƙe: idan kyarmar tana fitowa a motsi mai sanyi kuma tana ɓacewa a mai sauri, ƙarancin bit ne.

Lambar bit 16 mai yawo tana da bit 10 na ƙididdiga, kuma matakinta yana ƙanƙancewa idan lamba ta kusanci sifili. Tsakanin santimita 25 da 50 matakin kusan kwata na milimita ne. Ga ɓera wannan ya isa har ya yi saura. Na koma `RGBAHalf`. Megabayit ɗaya da ɗoriya da zan tsira da shi bai kai darajar fuskar ba.

12 ga Maris

Haske. Ɗigogi na motsi, amma kibiyar da ke nuna inda kowace fuskar fata ta fuskanta tana nan yadda take a tsayuwar asali. Ɓera ya kife ya mutu, cikinsa na kallon fitila amma yana nan baƙi. Sai na gasa kibiyoyin su ma a tekisca ta biyu. Su bit 8 ya ishe su, tun da tsayinsu ɗaya ne kullum, ana rubuta `n * 0.5 + 0.5`, a karanta da `c * 2 - 1`. Ƙarin megabayit 1.2.

Sakamakon farko ya fi na da muni. Duk ɓerayen hasken ya karkace musu gefe guda, kamar fitilar ta koma wani wuri. Na manta ban sa `linear` ya zama `true` ba lokacin da nake ƙirƙirar `Texture2D`. Injin ya ɗauka hoton launi ne na sRGB, sai ya gyara masa haske wajen karantawa. Lambar 128, wadda ya kamata ta dawo 0.5 ta ba ni sifili, ta dawo kusan 0.216, ta ba ni kusan -0.57. Kowace kibiya ta sunkuya.

Na fara gane tsarin matsalolin nan. Abin da na ajiye teburin lambobi ne, amma duk hanyar da yake bi an gina ta ne don hotuna, kuma kowace tasha tana son ta yi masa alheri. Gyaran launi yana lanƙwasa lambobi. Matsewa irin ta BC ko ASTC tana haɗa fiksel na kusa da juna a ƙulli ɗaya, alhali ɗigo na 400 da na 401 ba dole su zama maƙwabta a jiki ba. Ƙananan kwafin hoto da ake yi don nesa suna cakuɗa layuka. Tace gefe yana zuba motsin wani ɗigo a cikin wani. Na rubuta wa mai gashin ya kashe su duka da kansa: babu sRGB, babu `mipChain`, babu matsewa, `FilterMode.Point`, `TextureWrapMode.Clamp`. Ba zan dogara da tunanina ba.

18 ga Maris

Wannan ce ta ci min kwana biyu, don haka zan rubuta ta dalla-dalla.

A edita komai lafiya. Da na haɗa wasan na kunna shi a waje, sai rabin ɓeran na gaba ya fito sumul, na baya kuma ya yamutse: cinyoyi sun yi ramuka, jela ta yi ƙaho-ƙaho, wasu alwatika sun miƙe zuwa wuraren da ba nasu ba. Na fara zargin matsewar tekisca, na duba, a kashe take. Na zargi katin zane, na gwada a wata na'ura, abu ɗaya.

Abin da ya buɗe min ido shi ne iyakar ɓarnar. Ba ta bazu ko'ina ba, tana da layi. Na sa sheda ta shafa ja ga duk ɗigon da lambarsa ta kai 1,024, shuɗi ga na ƙasa. Jan ya faɗa daidai kan wurin da ya lalace. Duk lokacin da ɓarna ta fara daga lamba irin 1,024 ko 2,048, ba zane ba ne ke da laifi, ƙididdiga ce.

A `Player Settings` akwai `Vertex Compression`, wanda ke mayar da wasu tashoshin raga zuwa bit 16 lokacin haɗa wasa, kuma tashar da na zaɓa na cikin waɗanda aka yi wa alama. Ga launin fata wannan ba komai ba ne. Ga lambar ɗigo kuwa bala'i ne, kuma lissafin a fili yake. Tsakanin 0.25 da 0.5, matakin lambar bit 16 ɗaya bisa 4096 ne, wato rabin fiksel a tekisca mai faɗin 2048, don haka `(v + 0.5) / 2048` yana samun gurbi daidai. Daga 0.5 zuwa 1 matakin ya ninka, ya zama ɗaya bisa 2048, cikakken fiksel. Rabin da na ƙara ba shi da wurin zama kuma. Ɗauki ɗigo na 1,025: abin da nake so shi ne 1025.5 bisa 2048, amma sai dai a ba ni 1025 ko 1026. In aka tura shi sama, yana karanta layin tsayen ɗigo na 1,026, ya je ya zauna a kansa. Inda na gaban yake kusa, alwatika ya rufta ya bar rami. Inda na gaban yake can wani sashen jiki, a sami ƙaho.

Zan iya cire alamar daga tashar in huta. Ban yi haka ba, domin gobe wani zai mayar da ita bai san abin da ya taɓa ba. Na jefar da tashar UV ɗin gaba ɗaya. GPU ta riga ta san lambar ɗigon da take aiki a kai, tana bayarwa ta `SV_VertexID`, kuma `Load` yana karɓar lambar fiksel cikakkiya, babu raba, babu rabi, babu tacewa.

```hlsl
float t  = frac(phase) * len;
uint  k  = (uint)t;
uint  f0 = start + k;
uint  f1 = start + (k + 1) % len;
float3 a = _Pos.Load(int3(vid, f0, 0)).xyz;
float3 b = _Pos.Load(int3(vid, f1, 0)).xyz;
float3 p = lerp(a, b, t - k);
```

Sharaɗinsa ɗaya: kada wani abu ya sake jera ɗigogin bayan an gasa. Duk abin da ke haɗa raga da raga a jaka guda yana canza lambobin. Mu muna zana ragar da kanmu, don haka ba mu da wannan damuwar, amma na sa mai gashin ya ajiye yawan ɗigo a gefe, in ragar ta canza ba a sake gashi ba wasan ya yi ƙara tun a farko.

Karatu biyun da ke sama su ne suka kawar da tsalle-tsallen firem 30 a allo mai 60. Da ma ana iya barin tacewar GPU ta haɗa layi biyu a kyauta, amma a ƙarshen gudu za ta haɗa layi na 19 da na 20, wanda shi ne farkon tafiya. Da `% len` a hannu, ƙarshen gudu yana komawa farkon gudu.

21 ga Maris

Dubu biyar sun hau allo. Kowane ɓera yana da bayit 32 a bafa, wato ma'ajiyar bayanai da GPU ke karantawa: inda yake, inda ya fuskanta, motsin da yake yi, da inda ya kai a cikinsa. Duka kilobayit 160. `Graphics.DrawMeshInstanced` yana tsayawa a kwafi 1,023 a kira ɗaya, saboda haka na tafi `Graphics.RenderMeshIndirect`, inda yawan kwafin ma a bafa yake.

Kallon farko ya ba ni dariya: duk suna ɗaga ƙafa tare kamar sojoji a fareti. Na ba kowanne mafari daban da ɗan bambancin girma, nan take suka zama ɓeraye.

Inuwarsu kuwa tana tafe a sandare, hannuwa a buɗe. Zanen inuwa yana bi ta `ShadowCaster`, zanen zurfi ta nasa, kuma babu wanda ya san da teburina a cikinsu. Na cire lissafin na sa shi a fayil ɗaya da dukkansu ke kira.

25 ga Maris

Ƙafa tana sulɓi a ƙasa. Mun gasa gudun a tsaye wuri ɗaya, shirin garke ne ke tura ɓera gaba, don haka dole saurin motsi ya bi saurin tafiya. Zagayen gudu ɗaya firem 20 ne, kashi biyu bisa uku na sakan, kuma mai zane ya tsara shi ya ci santimita 80. Ke nan mita 1.2 a sakan shi ne saurin da ƙafa ke kama ƙasa daidai.

Na fara da hanya mai arha: sheda ta ɗauki agogon wasa ta ninka da saurin ɓera. A minti na farko ya yi kyau. Bayan an jima sai duk ɓeran da ya rage gudu a kwana ya fara fizge-fizge. Dalilin shi ne ninkawar tana sake rubuta duk abin da ya wuce. A sakan na 300, in sauri ya canza daga 1.00 zuwa 1.01, sakamakon ya tashi daga 300 zuwa 303. Sakan uku a firem ɗaya, zagaye huɗu da rabi. Wasan yana daɗewa abin yana ƙara muni, shi ya sa ban gan shi ba a gwajin gaggawa.

Maganin shi ne kowane ɓera ya riƙe inda ya kai, a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan:

```hlsl
phase = frac(phase + speed * dt / stride);
```

`stride` shi ne santimita 80 ɗin. Ɓeran da ya tsaya cak ƙafarsa ta tsaya, wanda ya ninka gudu ƙafarsa ta ninka, kuma lambar ba ta taɓa wuce 1 balle ta yi girman da zai ci ƙididdigarta.

1 ga Afrilu

CPU ta huta, yanzu GPU ce ke kuka. Na yi tsammanin haka amma ban yi tsammanin girmansa ba. Ɓera 5,000 sau ɗigo 1,860 ya kama miliyan 9.3, kowanne da karatun tekisca huɗu, biyu na wuri biyu na kibiya. Ana kuma zana su sau uku: zurfi, inuwa, launi. Kusan miliyan 28 ke nan a firem, don halittun da yawancinsu ba su wuce fiksel goma a allo ba. Ɓera mai alwatika kusan 3,000 a fili mai faɗin fiksel goma ɓarna ce ta biyu, domin GPU tana fenti ne a ƙulli na fiksel biyu sau biyu, alwatikan da bai kai fiksel ba ma sai ya ja ƙulli guda.

Gwajin da ya tabbatar min: na rage girman allo rabi, lokacin firem bai motsa ba sosai. In da fenti ne matsalar da ya faɗi. Ɗigo ne.

Sai raga uku. Ta kusa ita ce mai 1,860, ta tsakiya 420, ta nesa 90. A nan ne gashin ɗigo ya nuna iyakarsa ta farko: tebur na raga ɗaya ne, domin layukan tsayensa lambobin ɗigon wannan ragar ne. Kowace raga sai nata gashin. Sa'ar da aka yi ƙanana ne, tekiscar wuri ta tsakiya mai faɗin 512 kusan megabayit 0.6, ta nesa mai faɗin 128 ba ta kai 0.2 ba. Na tabbatar layukan lokaci iri ɗaya ne a duka ukun, don ɓeran da ya ƙetare iyaka ya ci gaba da takunsa ba tare da tsalle ba.

Rabon yana faruwa a GPU. Wani shirin lissafi yana duba kowane ɓera, ya watsar da wanda kyamara ba ta gani, ya jefa saura a ɗaya daga bafa uku gwargwadon nisa. Wannan watsarwar dole ce mu yi ta da kanmu, domin injin akwati ɗaya yake gani na garken duka, ko ya zana kowa ko ya bar kowa. A wurin da ya fi cunkoso na ƙirga kusan 200 a kusa, 1,300 a tsakiya, 3,500 a nesa. Jimlar ɗigo ta sauko daga miliyan 9.3 zuwa kusan miliyan 1.2. Na nesa na cire musu haɗa firem biyu da inuwa ta gaske, tabo mai duhu a ƙarƙashinsu ya wadatar. Na tsaya na ƙura ido ina neman bambanci, ban samu ba.

8 ga Afrilu

Sauyawa daga gudu zuwa tsayuwa tana zuwa da fizga. `Animator` yana narkar da motsi biyu a kan juyawar ƙashi, mu ba mu da ƙashi. Abin da za mu iya shi ne mu karanta tsohon motsi da sabo mu haɗa wuraren ɗigo, wato karatu takwas a maimakon huɗu na tsawon sauyin. Na ba shi sakan 0.15, ga na kusa kawai.

Yana da aibi da ya kamata a sani. Haɗa wuri da wuri yana bin miƙaƙƙen layi, gaɓa kuwa tana juyawa ne a kan baka. In jela tana lanƙwashe hagu a wannan motsi, dama a wancan, a tsakiyar sauyin sai ta gajarce, domin ƙarshenta ya yanke ta tsakiya maimakon ya zagaya. A kan ɓera, cikin firem tara, ba mai lura. Na gwada rabin sakan don in gani, jelar ta shige ta fito kamar ta roba.

Mai tsara wasa ya leƙo ya tambaya ko ɓeraye za su iya juyo da kai su kalli ɗan wasa in ya matso. Na ce masa abin da ba a gasa ba babu shi. Babu wuyan da za a juya, babu ƙafar da za a daidaita da matakala, babu gawar da za ta faɗi yadda ƙasa ta ja ta. Mun tsaya a kan cewa 'yan kaɗan da suka fi kusa, kamar goma sha biyu, za a musanya su da masu kwarangwal na gaske. Ban fara wannan ba tukuna, kuma abin da nake tsoro a ciki shi ne lokacin musanyar: dole `Animator` ya fara daga daidai `phase` ɗin da ɓeran yake.

14 ga Afrilu

Sabuwar buƙata: manyan halittu na mataki na gaba, wajen ɗari biyu a allo, kowanne ɗigo 12,000, motsi kusan firem 400. Na buga lissafi kafin in amsa. 12,000 sau 400 sau 8 ya haura megabayit 38 na wuri kawai, kibiya ta ƙara rabin haka, ga kuma ragar tsakiya da ta nesa kowacce da nata. Kuma iri uku suke so. Direct3D 11 yana yarda da faɗi har 16,384, amma ba kowace na'ura ke kaiwa nan ba, sai an naɗe firem ɗaya a layuka da yawa.

Ga waɗannan ina ganin ƙashi ya kamata a gasa, ba ɗigo ba. Matsayin ƙashi ɗaya lambobi 12 ne, fiksel uku. In da ɓeranmu ne, ƙashi 28 sau 3 fiksel 84 ne a layi, sau 152, sau 8, kusan kilobayit 100, kuma raga ukun duk tebur ɗaya za su ci tun da kwarangwal ɗinsu ɗaya. Kuɗin yana komawa wajen karatu: ɗigon da ƙashi huɗu ke ja yana buƙatar karatu 12, in an haɗa firem biyu 24, inda gashin ɗigo ke yin huɗu. Ga dubban ƙananan halittu masu ɗigo kaɗan, abin da na yi shi ne daidai, ba zan taɓa ɓerayen ba. Ga 'yan ɗaruruwa masu nauyin jiki da dogon motsi, lissafin ya juya.

Gobe zan gasa ƙashin ɗaya daga cikinsu in auna. Abu biyu nake son gani: ko takaita kowane ɗigo ga ƙashi biyu zai ɓata kafaɗa, da kuma ko bit 16 zai isa ga halitta mai tsayin mita uku, inda matakin lamba tsakanin mita 2 da 4 ya kusa milimita biyu. In kyarmar hancin nan ta dawo, gurbin wuri zai koma `RGBAFloat`, juyawa ta zauna a bit 16.